Waɗanda Suka Ce A Dakata

Shekara uku Ummukulthum ta yi tana dafa abincin rana a Ɗanbatta kafin ƙanenta Kamaruddeen ya dawo daga Kano da kwamfuta a jaka. Sana'ar ba ta da wani ado. Mutum ya biya naira dubu ashirin a farkon wata, kowace ranar aiki a kai masa kwano ɗaya har inda yake: Litinin shinkafa da wake, Talata tuwo, Laraba dambu, haka dai har Juma'a. Kwano ashirin a wata. Masu ci mutum arba'in da biyar ne, kusan duk baƙi: ma'aikatan jinya da aka turo daga nesa, 'yan banki masu tahowa daga Kano da safe, malaman makaranta da ba su zo da iyali ba. In ta cire cefane da itace da robar zubawa da ladan mata biyu masu taya ta, da haƙƙin Malam Tasi'u mai rabawa a babur, kowane kwano yana bar mata naira ɗari biyu. Dubu huɗu ke nan a kan mutum guda a wata. Ba arziki ba ne, amma halak ne, kuma yana zuwa.

Kamaruddeen ya duba littafinta ya yi tsaki.

"Yaya, shekara uku mutum arba'in da biyar? Wannan ai ba kasuwanci ba ne, abincin gidan biki ne."

"Gidan bikin ne ya biya maka kuɗin makaranta," in ji ta.

Duk da haka ta saurare shi, domin ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ya yi karatu. Ya ce mutane ba sa zuwa da kansu, jawo su ake yi. Zai ɗauki masu talla huɗu, babbansu wani Basiru mai shagon cajin waya, wanda babu gidan da bai san sunan mai shi ba a garin. Duk wanda mai talla ya kawo, ya biya watan farko, a ba mai tallar dubu uku. Shi kuma sabon mai ci a ba shi mako guda kyauta, wanda ke cin dubu huɗu, a haɗa masa da kula sabuwa mai sunan kamfani ta dubu huɗu. Ga sanarwar rediyo da takardun liƙawa, in an raba wa kowa za su tashi dubu ɗaya. Dubu goma sha biyu a kan kowane kai.

"Dubu goma sha biyu don mutum ya ci abinci?" in ji Ummukulthum. "Kamaru, yunwa ba ta isa ta kawo shi ba?"

"Wata uku kawai zai yi ya biya kansa. Daga nan duk abin da ya ci riba ce."

Lissafin ya zauna mata, wata uku sau dubu huɗu. Ta sayar da bijimanta biyu na kiwo, ta haɗa da kwasar adashinta, ta ba shi. Daga Satumba zuwa Nuwamba aka samu sababbin mutum arba'in kowane wata. Mutum ɗari da ashirin, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da arba'in.

A farkon Disamba ya zo mata da babbar magana. Akwai wani Alhaji Abdulkabir a Kano, mai zuba kuɗi a ƙananan kamfanoni. Ya ga takardun, ya ce zai shigo, amma sai su ma sun zuba nasu tukuna ya ga da gaske suke. Kamaruddeen yana son jawo mutum ɗari huɗu, har Kazaure da Bichi. Kusan miliyan biyar. Abu ɗaya suke da shi da ya kai wannan kuɗi, gonar mahaifinsu a ƙauye, wadda ba a raba ba tun rasuwarsa. Baffansu Ɗan'auta ke noma ta, daga cikinta ake kawo dawa da waken da take dafawa. An riga an samu mai saye a miliyan shida. Ranar Asabar za a sa hannu.

Ya buɗe kwamfutar a kan turmi ya juyo mata da ita.

"Duba nan. Abu biyu kawai ake gwadawa. Nawa ka kashe ka jawo mutum, nawa zai kawo maka kafin ya tafi. Mun kashe dubu goma sha biyu. A wata uku mutum goma sha biyu ne suka fita, wato kamar biyar cikin ɗari kowane wata. In ɗaya cikin ashirin ke fita duk wata, to kowa zai yi wata ashirin ke nan a tsakaitawa. Wata ashirin sau dubu huɗu?"

"Dubu tamanin."

"Ki sa sha biyu ki ɗauki tamanin! Kusan ninki bakwai. Alhaji ya ce ninki uku ma ya ishe shi. Wace gona ce ke yin haka? Gonar nan shekara nawa tana ba mu buhu goma sha wani abu?"

Ta ce ya ba ta zuwa Juma'a.

Abin da ya hana ta amsawa ba a kwamfuta yake ba, a tukunya yake. Ta san mudu nawa take aunawa kowace safiya. In mutum goma sha biyu ne kawai suka fita, ya kamata tana dafa wa mutum ɗari da hamsin da uku. Tana dafa wa tamanin. Ta taɓa tambayarsa, ya ce wasu sun ɗan dakata ne, za su dawo. A lokacin ta bar zancen. Yanzu da gona ta shigo ciki, ba ta bari ba.

Washegari da Malam Tasi'u ya zo ɗaura kaya, ta tsare shi a bakin madafa. Mutum ne mai furfura a gemu, ba ya magana sai an tambaye shi.

"Malam Tasi'u, cikin sababbin nan, nawa kake kai wa?"

"Talatin da biyar, Hajiya."

"Sauran fa?"

"Sun ce a dakata."

"Duka?"

"Ban da sha biyu. Su sun ce sun daina. Yawancinsu ba 'yan nan ba ne, shi ya sa suka iya faɗa."

"Su masu dakatawar, ka ga wanda ya dawo?"

Ya ja igiyar roba ya ɗaure kwandon, ya ƙulla ta sau biyu.

"Hajiya, kin taɓa jin ɗan garin nan ya kalli idon mutum ya ce ba na so? Ko ɗiyarka ya fasa aure, cewa zai yi a ɗan jinkirta."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na gaya wa Kamaru. Ya ce aikina rabawa ne."

Ta ce idan ya gama rabo ya samo musu Adaidaita. Ta karɓi jerin sunayen a hannunsa, mutum saba'in da uku, ta zaɓi goma.

Na farko wani malamin firamare ne, Malam Muhammad Auwal. Gidansa bai kai taku ɗari biyu daga makarantarsa ba. Matarsa ce ta tare ta, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, aka gaisa har da tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Maigidan ya shigo yana fara'a.

"Hajiya da kanki? Wallahi abincin nan ba a magana. Dambun nan naki har yanzu ina ba da labarinsa."

"To me ya sa aka dakata, Malam?"

"Ɗan wani uzuri ne. Wata mai zuwa in sha Allahu."

Matar ta tanka daga bakin murhu, ba ta ko juyo ba.

"Wata mai zuwa da ya gabata ma haka ka ce. Ki yi haƙuri, Hajiya, ni ban mutu ba, hannuna bai karye ba. Mutum yana jiyo ƙamshin miyata daga aji, a ce ana kawo masa abinci a roba kamar ɗan fursuna? Matan unguwa har tambayata suke ko mun yi faɗa."

"Ke dai ba ki da kara," in ji shi, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Basiru ɗan ƙanwar babarsa ne," ta ci gaba. "Kwana huɗu yana zarya, ya ce a rufa masa asiri. Ya ce zai mayar masa da dubu ɗaya da rabi cikin ladansa. Ga mako kyauta, ga kula. Shi ke nan fa."

Kular tana nan a kan taga, da sunan kamfani a jiki. Gishiri ne a ciki.

Na biyu tela ne, ya ce kasuwa ce ta yi sanyi, amma kada a goge sunansa. Na uku ya rantse bai fita ba, yana nan daram, sai dai likita ya hana shi mai. Tana tsaye tana kallon ƙosai a takarda a kan teburinsa. Wani ma'aikaci ya ja ta gefe ya ce albashinsa dubu saba'in da 'yan kai ne, yara shida, ta yaya zai cinye dubu ashirin shi kaɗai a ofis? Sannan ya ce, "Amma a bar ni a jerin, Hajiya. Ba daɗi a ce na fita." A wani gida ta tarar da kular a ƙasa, an cire murfin, kaji suna shan ruwa a ciki. Mai gidan ya bi idonta, ya sa ƙafa ya tura kular bayan randa, ya ci gaba da yaba tuwonta.

Gida goma, babu wanda ya ce ya daina. Babu kuma wanda zai dawo. Kowa ya rako ta har ƙofa da addu'ar Allah ya ƙara kasuwa.

Kunya abu ne mai kyau, da ita aka san mu. Amma akwai wadda ba kunya ba ce, ragwanci ne da aka yi wa wanka. Mutum ya karɓi kayanka, ya san ba zai zauna ba, ya ƙi buɗe baki ya faɗa don kada fuskarsa ta ɓaci, ya bar ka kana gini a kan maganarsa. Wannan cuta ce, ko da an yi ta da murmushi.

A hanyar dawowa ta sa aka tsaya a shagon Basiru. Yana zaune cikin wayoyi, sabon agogo a hannu.

"Hajiyar kamfani! An ce ɗari huɗu za mu kawo. Ni kaɗai zan cika ɗari biyu, dangin matata ma ban taɓa su ba."

"Basiru, waɗanda ka kawo suna ci?"

"Sun biya watan farko ko ba su biya ba?"

"Sun biya."

"To alhamdu lillahi. Ni a kan kawowa aka ce za a biya ni. Ba a ce in zauna in riƙa ba su a baki ba."

Ta juya masa baya. Ta koma cikin Adaidaita, ta ce wa Malam Tasi'u su tafi, warin wurin ya ishe ta.

Da daddare ta zauna da littafin Malam Tasi'u, wanda yake yi wa kowane kwano alama, ta bi mutum arba'in na Satumba ɗaya bayan ɗaya. Watan farko arba'in suka biya. Na biyu ashirin. Na uku goma. Wannan watan biyar. Ta duba na Oktoba, arba'in, ashirin, goma. Na Nuwamba, arba'in, ashirin. Kamar da wuƙa ake raba su. Ta haɗa na Satumba: arba'in da ashirin da goma da biyar, saba'in da biyar. Ko biyar ɗin nan sun ci gaba da raguwa a hankali, duka ba zai wuce tamanin ba. Wata tamanin a raba wa mutum arba'in, wata biyu kowa. Ba ashirin ba.

Wata biyu sau dubu huɗu, dubu takwas. An sayo mutum sha biyu, ya kawo takwas ya tafi. Kowane kai ya ci mata dubu huɗu. A kan ɗari da ashirin, dubu ɗari huɗu da tamanin sun tafi, bijimi guda ke nan ya shige cikin kuloli da aljihun Basiru. A kan ɗari huɗu zai zama miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, in ma sababbin ba su fi waɗannan lalacewa ba.

Sai ta juya ga tsofaffin masu cin abincinta. Su ba wanda ya biya lada a kansu. Wata ma'aikaciyar jinya, Sista Charity, ita ta fara, ta ɗanɗana wa ta kusa da ita, ta kusa da ita ta gaya wa wani. Abin da ta taɓa kashewa a kan ɗayansu bai wuce kwanon ɗanɗano ba, naira ɗari takwas. Ba sa biyan wata goma sha biyu, ana cire azumi da hutu, wata tara ne a shekara. Dubu talatin da shida. Da yawansu suna shekara ta uku. Su ma suna cewa a dakata, amma suna faɗin ranar dawowa, kuma ranar na zuwa sai ka ga kuɗinsu. Dalili a fili yake: ba su da murhu a garin. Masu talla kuwa ba su je neman marasa murhu ba, sun je neman waɗanda ba za su iya ce musu a'a ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kamaruddeen ya shigo da takardar sayarwa a cikin ambulan. Ta ajiye masa littafin a gaba, ta bi da shi lissafin da irin hanyar da ya koya mata. Ta ɗauka zai firgita. Ta shirya ma yadda za ta lallashe shi, ta ce kuskure ne, kowa na yi.

Bai firgita ba. Ya duba shafin sama-sama ya rufe.

"Na san wannan, Yaya."

"Ka san me?"

"Na san ba duka za su dawo ba. Amma babu wanda ya ce ya fita. Ni ban rubuta ƙarya ba. Wanda ya ce a dakata, na rubuta ya dakata."

"Ka kuma lissafa shi cikin masu wata ashirin."

"Haka tsarin yake. Sai mutum ya soke ake cire shi."

"Tsarin wa? A nan wa yake sokewa? Kai ba a garin nan aka yanke maka cibiya ba? Ka manta Baffa ya yi shekara biyu yana ce wa mai neman aron garmarsa gobe?"

"Ki bar zancen Baffa. Ki gane, Alhaji yawa yake so ya gani. In ya shigo da kuɗinsa, sai mu gyara. Mu rage kula, mu canza masu talla, mu nemi baƙi kamar yadda kike so."

"To mu gyara yanzu mana, da kuɗin da ba na gona ba. A daina ba da lada sai mutum ya biya wata na uku. A daina kula. A je asibiti da banki da masaukin masu bautar ƙasa. In mun samu goma a wata masu zama, sun fi ɗari na Basiru."

"Goma a wata!" Ya yi dariya. "In je gaban Alhaji da goma a wata? Ko shayi ba zai ba ni ba."

"Saboda haka ka fi so ka je masa da mutum saba'in da uku da ke cin tuwon matansu."

"Kowa haka yake yi. Kin ɗauka waɗanda ke samun kuɗin nan gaskiya zalla suke kaiwa? Shi kansa Alhajin ya sani ana ɗan gyara fuska."

Ta dube shi. Farar shadda, hula a karkace, turare har ƙofar gida. Yaron da ta goya, ta yi wa wanki, ta sayar da awara ta saya masa fom ɗin jarrabawa. Ba wauta ce ta kama shi ba, da sai ta ji tausayinsa. Ya ga ramin sarai, ya auna zurfinsa, ya shimfiɗa tabarma a kai, yana kiran yayarsa da baƙo su zo su zauna.

"Tun yaushe ka sani?"

"Yaya…"

"Tun yaushe?"

"Tun ƙarshen Oktoba."

"Ka bar ni na biya na Nuwamba."

Ta tura masa ambulan ɗinsa.

"Ba zan sa hannu ba. Kuma sunan abincina ba zai je gaban Alhaji da wannan takarda ba. In ka kai, zan hau mota in kai masa littafin nan da kaina."

Nan fuskarsa ta canza. Ya mayar da ambulan cikin jaka a hankali.

"Shi ke nan. Abincinki naki ne, masu dafa abinci sun cika gari. Amma gona ba taki ba ce ke kaɗai. Kashi biyu nawa ne, ɗaya naki. Haka Allah ya raba, ba ni ba. A fitar mini da nawa."

"Yanzu ka tuna da Allah."

"A fitar mini da nawa, Yaya."

Haƙƙinsa ne, babu mai hana shi. Mijinta Malam Sama'ilu ya same shi ya yi masa magana, bai ji ba. Baffa Ɗan'auta ya hau mota ya zo har Ɗanbatta, ya zauna a zaure ya ce masa ƙasa ba ta dawowa in ta tafi, yanzu a yankinsu ko wurin ɗaure akuya sai da kuɗi. Kamaruddeen ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "To Baffa, za a duba." Baffa ya koma gida da murna. Washegari mai saye ya aiko a tambayi ranar awo.

An yi rabon ranar Laraba da hantsi. Mai unguwa ya zo da limami da dattawa biyu da doguwar igiya. An gama girbi, karan dawa na tsaye a bushe, tumakin maƙwabta na kiwo a ciki. Aka ja igiya daga kan iyakar kudu zuwa arewa, aka ninka ta uku. Mai sayen, wani dillalin filaye mai tumbi, yana biye da masu awo yana taka kunya da takalminsa mai tsini, yana tambaya ko mota za ta iya shigowa ta nan.

Aka tambayi Ummukulthum wane ɓangare take so, tunda ita ba sayarwa za ta yi ba. Ta ce na arewa, inda ƙasar ta fi riƙe ruwa. Dillalin ya ce ai nan ne ya fi kusa da hanya, a sake dubawa. Limamin ya ce an riga an tambaye ta, ta kuma faɗa.

Kamaruddeen bai motsa daga gindin bishiyar da ya tsaya ba, waya na kunnensa. Iska na kawo mata guntayen maganarsa. Yana gaya wa wani cewa ya samu wata mata a Kazaure mai girki, za su fara da sabon suna, Basiru ya ce ɗari biyu ba matsala.

Da aka kafa duwatsun iyaka, Baffa Ɗan'auta ya taka rabonta daga wannan gefe zuwa wancan yana ƙirga taku. Bai daɗe ba ya dawo.

"Buhu huɗu," in ji shi. "Biyar in damina ta yi kyau."

"A sa wake a ciki, Baffa. Dawa zan saya a kasuwa."

Limamin ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Kamaruddeen ya zo ya rusuna a gabanta kamar yadda ya saba tun yana yaro.

"Yaya, ba dai fushi kike da ni ba?"

Dattawa suka zuba mata ido, suna jiran ta ce babu komai, a watse lafiya. Ta gyara mayafinta.

"Fushi nake. Kada ka sake zuwa mini da maganar kuɗi, kada kuma ka ce wa kowa da yawuna kake yi."

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya kalli ƙasa. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce a hankali, "Subhanallahi, a gaban mutane?"

Ta bi ta cikin rabonta ta fita bakin hanya, ta tsaya jiran motar Ɗanbatta.